Me Ya Sa Gwajin Burauza Ke Wucewa Yau Ya Faɗi Gobe?

Duk wanda ya daɗe yana rubuta gwajin shafukan intanet da Selenium ya san irin gwajin da ake magana a kai. Ka gudanar da shi a kwamfutarka ya wuce lafiya lau. Aka tura shi sabar da ke gudanar da gwaje-gwaje kafin a saki manhaja, ya faɗi. Aka sake danna shi ba tare da an taɓa ko layi ɗaya ba, ya wuce. Manhajar ba ta canza ba, gwajin bai canza ba, amma sakamakon ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Irin wannan shi ne gwaji mai tangal-tangal, kuma ba ƙananan kamfanoni kaɗai yake damu ba. A 2016 John Micco na kamfanin Google ya bayyana cewa kusan kashi 1.5 cikin ɗari na gwaje-gwajen da suke gudanarwa suna ba da irin wannan sakamako, kuma kusan kashi 16 cikin ɗari na gwaje-gwajensu suna da wannan hali ko da kaɗan ne.

Adadin kamar bai taka kara ya karya ba, har sai an yi lissafi. A ce kana da gwaji 200, kowanne yana faɗuwa ba dalili sau ɗaya cikin ɗari biyu. Damar da dukkansu za su wuce a zagaye ɗaya ita ce 0.995 a ninka da kanta sau 200, wato kusan kashi 37 cikin ɗari. Ma'ana, a kusan zagaye biyu cikin uku za ka ga ja a allo alhali manhajarka lafiyarta ƙalau. Ɓarnar da ta fi ɓata lokaci ita ce abin da hakan ke koya wa ma'aikata. Da zarar sun saba da cewa ja ba ta nufin komai, sai su daina karanta ta. Ranar da gwajin ya kama kuskure na gaske, wani zai ce a sake gudanarwa, kuma idan aka yi rashin sa'a ya wuce, kuskuren ya tafi hannun masu amfani da manhajar.

Dalilan tangal-tangal suna da yawa, amma guda ɗaya ya yi wa sauran fintinkau. Wani bincike da Qingzhou Luo da abokan aikinsa suka wallafa a 2014, wanda ya bi gyare-gyaren da aka yi wa irin waɗannan gwaje-gwaje a manhajojin Apache, ya gano cewa kusan kashi 45 cikin ɗari na waɗanda suka tantance sun samo asali ne daga rashin jira yadda ya kamata: gwaji ya nemi a yi wani aiki, bai tsaya aikin ya ƙare ba, ya wuce yana duba sakamako. Binciken bai taƙaitu ga gwajin burauza ba, amma babu inda wannan matsala ta fi zama gida kamar a burauza, kuma dalilin yana cikin yadda Selenium kansa ke aiki.

Gwajinka da burauzar abubuwa biyu ne daban, kowanne da nasa gudun. Lambar da ka rubuta da Python ko Java tana aika umarni ta hanyar HTTP zuwa direban burauza, kamar `chromedriver` na Chrome ko `geckodriver` na Firefox, bisa ƙa'idar WebDriver da hukumar W3C ta tabbatar a 2018. Direban ya sa burauza ta danna maballi, ya dawo ya ce an danna. Iyakar abin da ya yi alkawari ke nan. Bai san cewa dannawar ta tayar da JavaScript ba, wanda ya aika buƙata zuwa saba, wanda zai karɓi amsa ya sake zana rabin shafin. Akwai inda Selenium ke jira da kansa: idan ka kira `driver.get()`, zai tsaya har `document.readyState` ya zama `complete`. Wannan ya wadatar a zamanin da Jason Huggins ya fara Selenium a kamfanin ThoughtWorks a 2004, lokacin da yawancin shafuka ke zuwa a kammale daga saba. Shafin yau da aka gina da React ko Angular yakan kai matsayin `complete` alhali kusan babu komai a cikinsa, sai daga baya bayanan su iso. To ka ga tsere ne tsakanin gwaji da shafi, kuma wanda zai riga wani ya dogara da nauyin da ke kan na'ura da hanyar sadarwa a wannan daƙiƙar.

Mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. Shafi ne na ma'aikatan wani shago, yana nuna jerin odar kwastomomi a tebur. Da an buɗe shi, yana nuna sababbin oda guda ashirin. Akwai akwatin bincike: ka rubuta lambar oda, ka danna maballi, wata alama mai juyawa ta bayyana a saman tebur ɗin, sannan a share tsofaffin layuka a zuba sababbi. Gwajin yana son ya nemi oda mai lamba 4521 ya tabbatar ita ce a layin farko. Rubutun farko da kowa ke yi shi ne wannan:

```python
driver.find_element(By.ID, "nema").send_keys("4521")
driver.find_element(By.ID, "bincika").click()
layi = driver.find_element(By.CSS_SELECTOR, "#oda tbody tr")
assert "4521" in layi.text
```

A kwamfutar mai rubutu, inda saba ke zaune a na'ura ɗaya da burauza, amsa na iya dawowa kafin umarni na uku ya isa, sai gwajin ya wuce. A na'urar da ke ɗauke da gwaje-gwaje goma a lokaci guda, abu uku na iya faruwa, kuma kowanne da saƙon kuskurensa. Idan umarni na uku ya isa kafin a taɓa tebur ɗin, zai kama tsohon layi, ya karanta wata lambar oda daban, sai ka ga `AssertionError` kamar binciken ne ya lalace. Idan ya isa daidai lokacin da aka share tsofaffin layuka ba a zuba sababbi ba, sai ka ga `NoSuchElementException`. Idan kuwa ya kama tsohon layin, aka share shi kafin a karanta `layi.text`, sai ka ga `StaleElementReferenceException`, wato abin da kake riƙe da shi ya riga ya bar shafin. Kuskure uku mabambanta, tushensu ɗaya. Wannan ma alama ce mai kyau ga mai bincike: idan gwaji ɗaya yana faɗuwa a kusan wuri ɗaya amma saƙon yana sauyawa daga rana zuwa rana, a fara zargin lokaci kafin komai.

Maganin da hannu ke fara kaiwa gare shi shi ne a saka `time.sleep(2)` bayan dannawa, ko `Thread.sleep(2000)` ga masu Java. Gwajin ya kwanta daƙiƙa biyu, ya farka, ya tarar da tebur a shirye. Kuma gaskiya yana aiki, shi ya sa yake da wuyar rabuwa da mutane. Sai dai a lura da abin da layin ke faɗa. Bai ce a jira sakamakon bincike ba. Cewa ya yi a jira daƙiƙa biyu, kuma ana fata binciken zai ƙare a cikinsu. Mai dafa shinkafa da ta dogara da agogo kaɗai ba ta buɗe tukunya ba, ranar da wuta ta yi ƙarfi za ta ƙona, ranar da ta yi sanyi za ta sauke ɗanya.

A ce binciken yakan ɗauki kashi uku cikin goma na daƙiƙa, amma wani lokaci, idan rumbun bayanai ya yi nauyi, ya kai daƙiƙa biyu da rabi. A ranakun da komai ke tafiya daidai, barcin ya zubar da daƙiƙa 1.7 a banza. A ranar da aka yi jinkiri, bai isa ba, gwajin ya faɗi kamar dā. Sai wani ya mayar da shi biyar, asarar ta ƙaru, faɗuwar ta ragu amma ba ta tafi ba. Babu lambar da za ka zaɓa ta fitar da kai daga wannan, domin lokacin da kake jira ba tsayayye ba ne, lambar kuwa tsayayya ce. Kuma asarar tana taruwa. Barcin daƙiƙa biyu a wuri 400 daƙiƙa 800 ne, fiye da minti 13 a kowane zagaye, burauza na zaune ba ta yin komai, mai gyaran manhaja kuma na zaune yana jiranta.

Jira na sharaɗi ya sauya tambayar gaba ɗaya. Maimakon ka faɗi tsawon lokacin da za a jira, sai ka faɗi abin da ake jira ya faru, tare da iyakar haƙuri. A Selenium, `WebDriverWait` ke yin wannan aiki, kuma yadda yake yi ba shi da wani sirri. Yana duba sharaɗin da ka ba shi. Idan ya cika, nan take ya saki gwajin ya ci gaba. Idan bai cika ba, ya huta rabin daƙiƙa ya sake dubawa, haka har lokacin da ka ɗiba ya ƙare, sannan ya jefa `TimeoutException`. Rabin daƙiƙar nan shi ne tsarin asali, ana iya sauya shi da `poll_frequency`. A Python, yayin da yake zagayen dubawa yana haɗiye `NoSuchElementException`, don haka rashin ganin abu a karon farko ba ya kayar da gwajin. To idan ka rubuta `WebDriverWait(driver, 10)`, ba ka ce a jira daƙiƙa goma ba. A ranar da binciken ya ƙare da wuri, jiran bai wuce kusan rabin daƙiƙa ba. A ranar jinkiri ya kai kusan uku, gwajin kuma ya wuce. Goman ba ta shigowa sai an sami matsala ta gaske. Shi ya sa za ka iya sakin hannu wajen iyakar ba tare da ka biya komai ba a ranakun lafiya, abin da barci ba zai taɓa ba ka ba.

Yawancin bayanai a nan suke tsayawa, kuma a nan ne nake ganin ainihin aikin yake farawa. Jira na sharaɗi bai fi sharaɗin da aka ba shi inganci ba. Mu koma shafin odar. Wanda ya ji cewa barci ba shi da kyau zai iya rubuta haka:

```python
jira = WebDriverWait(driver, 10)
layi = jira.until(EC.presence_of_element_located(
    (By.CSS_SELECTOR, "#oda tbody tr")))
```

Ga ido, an gyara. Amma tebur ɗin yana da layuka tun kafin a danna maballin bincike. Sharaɗin ya cika a dubawar farko da tsohon layi, jiran bai jira komai ba, kuma mun dawo inda muka fara. Har ma ya fi barcin muni, tunda barcin aƙalla yana ba shafin daƙiƙa biyu, wannan kuwa yana da kamannin gyara alhali ba komai a ciki. Tambayar da ya kamata a yi wa kowane sharaɗi ita ce: shin zai iya zama gaskiya kafin aikin da nake jira ya faru? Idan amsar e ce, sharaɗin bai da amfani.

Haka abin yake ga mai cewa zai jira alamar nan mai juyawa ta ɓace da `invisibility_of_element_located`. Wannan sharaɗi yana cika idan abin a ɓoye yake, yana kuma cika idan babu shi a shafin sam. Idan gwajin ya duba kafin alamar ta ma bayyana, zai ɗauka ta zo ta tafi. Wasu sukan ce to a fara jiran bayyanarta, sannan ɓacewarta. Nan ma akwai rami: idan amsa ta dawo da sauri, alamar za ta bayyana ta ɓace tsakanin dubawa biyu, gwajin ya zauna daƙiƙa goma yana jiran abin da ya riga ya wuce. Abin da ke zuwa ya tafi ba abin dogaro ba ne. A nemi yanayin da idan ya samu zai zauna.

A misalinmu yanayin a fili yake: layin farko ya ƙunshi 4521.

```python
driver.find_element(By.ID, "bincika").click()
jira.until(EC.text_to_be_present_in_element(
    (By.CSS_SELECTOR, "#oda tbody tr"), "4521"))
```

Abu biyu suka sa wannan ya tsaya da ƙafarsa. Na farko, ba zai cika da tsohon tebur ba, muddin an shirya bayanan gwajin yadda 4521 ba ita ce a saman jerin farko ba, kuma wannan sharaɗi ne da mai gwaji zai tabbatar da kansa. Na biyu, an ba shi adireshin layin ne, ba layin da aka riga aka kama ba, don haka a kowace dubawa yana sake nemo shi daga shafin kamar yadda yake a lokacin. Idan aka share layin yana tsakar karantawa, wannan sharaɗin yana ɗaukar hakan a matsayin bai cika ba tukuna, ya sake gwadawa. Inda babu wani rubutu takamaimai da za a jira, akwai wata dabara: a kama tsohon layin kafin dannawa, bayan dannawa a jira `staleness_of` ya tabbatar ya bar shafin, sannan a jira sabon layi. Wannan tana aiki ne kawai idan shafin yana share layukan da gaske. Wasu shafukan suna barin layin a wurinsa su sauya rubutun ciki kawai, kuma a nan tsohon layin ba zai taɓa tsufa ba.

Akwai wani sharaɗi da sunansa ke sa mutane su amince da shi fiye da kima, wato `element_to_be_clickable`. Abin da yake dubawa biyu ne kacal: ana ganin abin, kuma ba a kashe shi ba. Ba ya duba ko wani abu ya rufe shi. A ce bayan bincike gwajin zai danna layin odar, alhali wani labule da ke ɗauke da alamar juyawa yana dushewa a hankali a samansa. Sharaɗin zai cika, dannawar ta faɗa kan labulen, sai ka ga `ElementClickInterceptedException`. Alherin wannan kuskure shi ne saƙonsa yakan faɗi abin da ya tare dannawar. A karanta shi. A wannan matakin jiran ɓacewar labulen ya zama daidai, domin sakamako ya riga ya iso, mun san labulen ya riga ya bayyana. Sharaɗi ɗaya ne, ya zama tarko a wuri ɗaya ya zama magani a wani, bambancin kawai abin da ka riga ka tabbatar kafin ka kira shi. Abin da ba na goyon baya shi ne guje wa kuskuren ta hanyar dannawa da JavaScript ta `execute_script`. Hakan na danna maballin ko da mutum ba zai iya kai hannu gare shi ba, kuma ranar da wani abu ya rufe maballin dindindin gwajin zai ci gaba da wucewa.

Selenium yana da jira na uku da ya kamata a sani, ko don a kiyaye shi: `implicitly_wait`. Ana saita shi sau ɗaya, daga nan duk wani neman abu a shafi zai yi ta ƙoƙari har tsawon lokacin da aka ɗiba kafin ya ce bai gani ba. A asali sifili ne. Yana da sauƙi, amma abu ɗaya kawai ya sani, wato ko abin yana cikin shafi. A misalinmu da bai taimaka ba ko kaɗan, tunda tsohon layi yana nan. Kuma takardun Selenium da kansu sun yi gargaɗin kada a haɗa shi da jira na sharaɗi, har suka ba da misali: `implicitly_wait` na daƙiƙa 10 da jira na sharaɗi na daƙiƙa 15 na iya sa a jira 20. Lissafin ba wuya. Dubawar farko ta maƙale daƙiƙa goma tana neman abin da babu. Ta dawo, sha biyar ba ta cika ba, aka shiga ta biyu, ita ma ta ci goma. Haka kuma duk inda gwaji ke tabbatar da cewa wani abu ba ya nan, sai ya biya goman gaba ɗaya. Shawarata a bar shi a sifili.

Ba kowace tangal-tangal ce jira ke warkarwa ba, kuma wanda ya ɗauka haka zai yi ta ƙara iyakar lokaci a banza. Idan wani gwaji da ke gudana a lokaci guda yana share oda 4521 ko yana sauya ta, ko minti goma ka jira ba za ta bayyana ba. Maganin shi ne kowane gwaji ya ƙirƙiri nasa bayanan. Idan gwajin yana wucewa ne kawai in wani ya riga shi gudana, za ka gane ta hanyar gudanar da shi shi kaɗai ko hargitsa jerin. Idan tagar burauza a sabar gwaji ta fi ta kwamfutarka ƙanƙanta, shafin na iya naɗe maballin cikin wani jeri na daban, sai a tsayar da girman taga da `set_window_size`. Akwai kuma gwajin da ke faɗuwa da tsakar dare kaɗai saboda saba da burauza ba sa kan agogon yanki ɗaya. Hanyar rarrabewa ita ce a ɗauki hoton allo da `save_screenshot` a daidai lokacin faɗuwa. Idan hoton ya nuna shafi a tsakiyar lodi, ko ma ya nuna abin da gwajin ya ce bai gani ba, lokaci ne. Idan ya nuna shafi a kammale da bayanan da ba su ba, a nemi dalilin a wani wuri.

Sai abin da ya fi damuna, wanda ya sa ba na son a riƙa saita gwaji ya sake gudana da kansa sau uku har ya wuce. Wani lokaci tseren ba tsakanin gwaji da shafi yake ba, a cikin manhajar yake. A ce shafin odar yana bincike da kowane harafi da aka rubuta. Buƙatar 452 ta tafi, ta 4521 ta bi ta, amma amsar 452 ta yi jinkiri ta iso daga baya ta rufe sakamakon da ya dace. Gwajin zai faɗi jefi-jefi, kuma yana da gaskiya: ma'aikacin shago mai raunin intanet zai ga odar wani a maimakon wadda ya nema, kuma shi zai fi ganin hakan fiye da sabar gwaji. Barcin da aka cusa tsakanin haruffa zai rufe wannan. Sake gudanarwa ma zai rufe shi. Jira na sharaɗi da aka rubuta da kyau yana da damar tona shi, musamman idan aka ba shi saƙo ta `message` wanda zai faɗi abin da aka jira bai zo ba, maimakon `TimeoutException` tsirara.

Idan ka gaji tarin gwaje-gwaje cike da barci, kada ka bi su ka maye gurbinsu duka da sharaɗi iri ɗaya a rana guda. Fara da gwajin da ya fi faɗuwa. A kowane `sleep` ka buɗe shafin, ka rage saurin intanet da kayan aikin masu gina shafi na burauzar don ka ga matakan da ido, ka gano abin da zai zama gaskiya bayan aikin ya ƙare wanda ba gaskiya ba ne kafinsa. Idan shafin bai nuna irin wannan alama ba, ka roƙi masu gina shi su saka, ko da wata sifa ce a jikin tebur da ke sauyawa idan lodi ya ƙare. Aikin mintuna ne a wurinsu. Bayan gyara, ka gudanar da gwajin sau hamsin ko ɗari a jere a kan na'urar da yake faɗuwa, ba a kwamfutarka ba, kafin ka ce ya warke.